Yadda ake lissafin kuɗin kujerar Hajji idan ana biya kaɗan-kaɗan

Maniyyaci da naira yake biya, amma jirgi da masauki da tantin Mina da guzuri duk da kuɗin waje ake biyan su. Riyal a ɗaure take da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, don haka canjin dala kaɗai za ka sa wa ido.

Da farko, ka nemi a raba maka kuɗin kujerar gida biyu: na dala da na naira. A ce na dala 5,000 ne, hidimar cikin gida kuma naira 300,000. Idan ana canjin dala a kan naira 1,500, jimla ta kama naira 7,800,000. Wannan ƙiyasi ne kawai na ranar.

Daga nan sai ka tambayi ranar da ake canza kuɗinka, domin ita ce ke yanke farashi. Wani kamfanin jirgin yawo yana canzawa ranar da ka biya, wani kuma yana ajiye nairar sai lokacin turawa Saudiyya.

Idan ana canzawa nan take, kowane biya sai ka raba shi da canjin ranar. Ka ba da kafin alƙalami naira 3,000,000 a kan 1,500, ka samu dala 2,000. Bayan wata biyu ka kai 2,400,000 dala tana 1,600, ka samu 1,500. Saura dala 1,500 ke nan. Ranar cikawa dala ta kai 1,700, cikon ya zama 2,550,000. Ka haɗa biyan nan uku da 300,000 na gida, kujerarka ta tsaya a kan naira 8,250,000.

Idan kuwa ajiye nairar aka yi har ranar ƙarshe, dala 5,000 ɗin gaba ɗaya a kan 1,700 za a lissafa. Jimla ta koma 8,800,000, an samu ƙarin 550,000 alhali kuɗi ɗaya ka kai a ranaku ɗaya. Irin haka ta faru a 2024: maniyyatan Najeriya sun biya abin da aka sanar, sai a watan Maris Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta nemi cikon kusan naira miliyan 1.9 saboda faɗuwar naira. In naira ce ta farfaɗo, lissafin juyawa yake yi, wanda aka ajiye wa kuɗi shi ke da rara.

Rasit ne zai nuna maka inda ka tsaya. In babu canjin ranar da adadin dalar da aka rubuta maka a jikinsa, ka ɗauka ba a canza ba tukuna. Sai ka riƙa buga dalar da ta rage da canjin yau, ka kuma ware wani abu domin ciko.