Hular da ta karkata

A ce jaruminku ya fito daga ɗaki ranar Litinin, amma shigarsa tsakar gida sai Alhamis za a ɗauka. A idon mai kallo, taku ɗaya ne. Don haka tun Litinin ka rubuta a gefen sikirif: hula zanna, ta karkata hagu; carbi a hannun dama; shayi saura rabin kofi. Ka ƙara da hoto a waya.

Lokaci ya fi wuyar gyara. Rubuta "bayan la'asar, ranar labari ta 2", domin inuwar hantsi da ta la'asar ba gefe ɗaya suke faɗuwa ba, kuma mai tace fim ba ya iya juya rana. Kayan kuwa a adana su, kada jarumi ya tafi da su gida.