DARASIN HARSHE: "WAƊANDA SUN BIYA" KO "WAƊANDA SUKA BIYA"?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa amsa ce ga wasiƙar da wani ɗan'uwa ya aiko mana daga unguwar Sharafiyya ta birnin Jidda. Ɗan zango ne da yake taimaka wa alhazanmu da tafinta lokacin aikin Hajji. Ya ce ya rubuta sanarwa kamar haka: "Waɗanda sun biya kuɗin hadaya su zo su karɓi takarda." Sai wani dattijo ya ce masa ya goge "sun" ya sa "suka". Shi kuwa ya kafa hujja cewa ai muna cewa "ya biya", kuma muna cewa "wanda ya biya", babu abin da ya sauya. To, don me za a sauya "sun"?

Amsa a taƙaice ita ce dattijo ne yake da gaskiya. Amma hujjar ɗan'uwanmu ba ta banza ba ce, saboda haka bari mu bi ta a hankali.

Da farko mu lura cewa aikatau kansa, wato "biya", ba ya motsi. Abin da yake sauyawa shi ne ƙaramar kalmar da take zuwa kafinsa, wadda take nuna mai aikin da kuma lokacin aikin. Idan muna ba da labarin abin da ya riga ya faru, mukan ce mun biya, kun biya, sun biya, an biya, kin biya. Malaman nahawun Hausa suna kiran wannan shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya. Da zarar wanda, ko wadda, ko waɗanda ta shigo gaba, sai a koma shuɗaɗɗen lokaci na biyu: muka, kuka, suka, aka, kika. Shi ya sa ake cewa "waɗanda suka biya", da "wanda aka aiko", da "wadda muka gani". Ku duba misalai biyun ƙarshe: ba wanda ba ne ya yi aikin, a kansa aka yi shi, amma duk da haka dokar tana nan.

Haka abin yake a lokaci mai ci. Muna cewa "suna jiran mota", amma "waɗanda suke jiran mota". Muna cewa "yana da fasfo", amma "wanda yake da fasfo". Ana iya gajarta shi a ce "wanda ke da fasfo", wannan ma daidai ne.

Yanzu sai mu zo kan "ya". A nan ido ne yake ruɗin mutum, kunne kuwa bai ruɗu ba. Ku faɗi "ya biya" da ƙarfi, za ku ji kun ja wasalin, kamar an rubuta "yaa". Ku faɗi "wanda ya biya", za ku ji ya gajarce. Kalmomi biyu ne daban, sai dai rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka suka fito da kama ɗaya a takarda. Haka "na", da "ka", da "ta". Mutanen Sakkwato sun fi fito da bambancin fili, domin su cewa suke yi "wanda yab biya", "wanda yaz zo", kuma a jam'i "waɗanda sunka zo". Idan kun ji wani tsoho a zango yana cewa munka, kunka, sunka, anka, kada ku ce ya yi kuskure. Dokar nan ce yake bi da karin harshen iyayensa.

Daga ina "waɗanda sun biya" take fitowa? Muna ganin Larabci yana da hannu a ciki, musamman ga wanda ya daɗe a Jidda ko aka haife shi can, da mu da muka taso a makarantar Islamiyya. A Larabci isimul mausuli ba ya taɓa siffar fi'ili: "ja'u" ce, kuma bayan "allazina" ma "ja'u" ce. A Larabcin kasuwa na Hijaz kalma ɗaya ce ma, "illi", ga namiji da mace da jam'i. Mai fassara kalma da kalma sai ya ɗora "sun zo" a bayan "waɗanda" ya wuce. Turanci ma haka yake, don haka 'yan boko ba su tsira ba.

Kada wani ya ce ai dai an gane. Ga misali daga ranar 10 ga Zulhajji, ranar da alhaji yake jifan Jamratul Aƙaba, ya yi yanka, ya yi aski. A ce an rubuta: "Wanda ya yi jifa ya yi yanka." Wannan jimla a takarda tana ɗaukar ma'ana uku. Ko dai labari ne cewa mai jifan ya riga ya yanka, ko umarni ne cewa ya je ya yanka, ko kuma maganar ba ta ƙare ba, ana siffanta mutumin da ya gama ayyukan biyu ne, sauran bayani yana tafe. Mayar da ita jam'i, nan take sai ukun su rabu. "Waɗanda suka yi jifa sun yi yanka", labari ne. "Waɗanda suka yi jifa su yi yanka", umarni ne. "Waɗanda suka yi jifa suka yi yanka su yi aski", a nan "suka" ta biyu ta nuna cewa yankan ma yana cikin siffar mutanen da ake magana da su. Wanda ya saba zuba "sun" ko'ina ya rasa hanyar raba ta farko da ta uku, alhali tsoho mai hajjin fari yana jiran ya ji ko shi ake nufi.

Wannan ita ce dabarar da muke ba ku: duk lokacin da kuka yi shakka a kan "ya" ko "ta", ku mayar da jimlar jam'i a zuci. Abin da ya fito, sun ko suka ko su, shi zai gaya muku wace "ya" ce a hannunku.

Dokar tana da iyaka. Ba ta shiga korewa: "waɗanda ba su biya ba", "wanda ba ya jin Larabci". Ba ta taɓa lokaci na gaba: "wanda zai tafi Madina", haka ma "wanda yakan zo". Kuma ba ta tsallake "cewa". Muna faɗin "waɗanda muka ji cewa sun iso": "muka" ta sauya domin ita ce take bin waɗanda, "sun" kuwa ta zauna yadda take. Akwai masu ɗokin gyara da suke mayar da ita "suka", su ɓata abin da yake daidai.

Saboda haka, ɗan'uwa na Sharafiyya, sanarwarka ta zama: "Waɗanda suka biya kuɗin hadaya su zo su karɓi takarda. Waɗanda ba su biya ba su jira." Ka gaishe mana da baba da ya yi maka gyaran. Wassalamu alaikum.