Amsoshin Tambayoyinku: Da'ira da Miƙaƙƙen Layi

Wani ɗalibi daga Kaboji, ƙasar Kontagora, yana tambaya: wace sura |z − (3 + 4i)| = 5 ke zanawa?

To, ɗan'uwa, asalin mas'alar shi ne, |z − a| nisa ne tsakanin ɗigon z da ɗigon a. Tun da kuwa an sharɗanta wa z nisan 5 daga (3, 4), tamkar akuyar da ke kewaya turke igiyarta a miƙe, lalle da'ira zai zana, wadda za ta ratsa ta sifiri, domin 9 da 16 jimillarsu 25. Amma idan aka ce |z − 2| = |z − 6|, nisan biyu sun daidaita, sai a sami layin x = 4, wanda ya gitta tsakiyar tazararsu a tsaye. A yi hattara: cibiyar |z + 2| = 5 ita ce −2.