Giga 64 a kwali, giga 8 a ciki

A cikin zafin watan Afrilu wani ɗan kasuwa ya shigo shagon mai wannan rubutu, wanda ke gyaran talabijin a Kalley, kusa da Babbar Kasuwar Yamai, da ƙaramin baƙin akwati, irin wanda ake haɗawa da talabijin, a leda. "Malam, wata uku da sayensa, amma in na taɓa telekoman sai na ƙirga goma kafin ya motsa." A jikin kwalin an buga ram giga 4, ma'aji giga 64.

Mai gyara ya haɗa shi, ya shiga Paramètres, sai allon ya maimaita abin da kwali ya faɗa. Bai gamsu ba, don masu haɗa irin waɗannan akwatunan marasa suna kan gyara manhajar ciki ta nuna lambar da suke so. Ya ɗauko kile ya fara kwafa finafinai a ciki. Kafin a kai giga 5, akwatin ya ce ya cika. Da aka kwance shi aka karanta lambobin da ke kan ƙwayoyin, ram giga 1 ne, ma'aji giga 8, kusan rabinsa kuma manhajar kanta ta cinye.

"Alhaji, ba lalacewa ya yi ba, haka aka haife shi."

Ram kamar teburin mai kanti ne, ma'aji kuma sito. In tebur ya yi kaɗan, duk abin da aka nema sai an koma sito, shi ya sa allon ke tsayawa. Giga 1 na iya ɗaukar YouTube shi kaɗai da ƙyar, giga 2 ne mafi ƙarancin abin da mai gyaran ke yarda mutum ya biya kuɗi a kai. Amma ba kowane tsaiko ne laifin na'ura ba. In jerin hotuna na tafiya lafiya, fim ne kawai ke yankewa, a tuhumi layin Airtel, Moov ko Zamani, domin Netflix na neman megabit 5 a daƙiƙa don hoton 1080p, 15 don 4K.

Alhaji ya tambaya ko ya sayi sanda, wato ƙaramar nan da ake cusawa a kafar HDMI. Ta kamfanin da aka sani aƙalla ba ta ƙarya. Mi TV Stick ta 2020 ram giga 1 ce da ma'aji 8, Fire TV Stick 4K Max ta 2023 giga 2 da 16. Matsalarta a Yamai zafi ne. Tana maƙale a bayan talabijin, ba iska, kuma in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu. Mutane kuma kan ba ta wuta daga kafar USB ta talabijin, wadda sau da yawa rabin amfiya take bayarwa, sai ta riƙa mutuwa tana tashi a tsakiyar ƙwallo. A yi amfani da cajar da ta zo da ita. Akwati na gaske ya fi samun iska, kuma galibi yana da kafar wayar intanet.

To, talabijin mai manhaja a ciki fa? A nan mai gyaran ya fi jin takaici. Allo kan yi shekara goma yana aiki, ƙwaƙwalwarsa kuwa kan tsufa tun kafin rabin haka. A Disambar 2019 Netflix ya daina aiki a wasu tsofaffin talabijin na Samsung, alhali hotonsu ƙalau. Sai a 2024 Samsung ya yi alƙawarin sabunta manhajarsa ta Tizen har shekara 7 ga sababbin samfura. Kwatanta da akwatin Nvidia Shield na 2015, wanda ya shekara goma yana samun sabuntawa. Akwatin Alhaji kuwa ba wanda zai taɓa aiko masa da ko ɗaya, kuma a 2023 masu bincike sun gano wasu akwatunan T95 da muguwar manhaja a ciki tun kafin su iso hannun mai saye.

Tunda talabijin ɗin Alhaji na da kyan hoto, shawarar ita ce ya bar shi, ya sayi akwati mai suna, ya gwada shi a gaban mai kaya kafin ya biya. A buɗe Play Store a duba ƙarƙashin À propos ko an rubuta cewa na'urar na da shaidar Play Protect. Sannan a saka manhajar DRM Info: in ta nuna L1, Netflix na iya ba da hoto mai tsabta, in L3 ce, hoton ba zai wuce na DVD ba ko da an buga 4K a kwali.

Bayan kwana biyu Alhaji ya dawo da akwati mai ram giga 2. An gwada, L1 ce, aka ɗora shi a kan tebur nesa da bayan talabijin.