Bim ɗaya, lodi iri-iri: yadda za ka lissafa lotsawarsa da layi ɗaya

Wani ɗalibin injiniyan gine-gine da ke aji uku ya aiko da wannan tambaya: "Injiniya, Allah ya ƙara basira. In bim yana ɗauke da lodi ɗaya a tsakiya, ba ni da matsala, fomula tana cikin littafi. Amma da zarar an ɗora masa lodi biyu ko uku a wurare dabam-dabam, sai in yanka shi gida-gida, kowane gida da lissafinsa, in cika shafi uku, amsar kuma ta ƙi fitowa. An koya mana hanyar Macaulay, amma ni da abokina mun yi tambaya ɗaya mun sami amsa biyu. Ina gizo yake saƙa?"

Ƙanena, hanyar da ka fara bi ba kuskure ba ce, tsawo ne da ita. Tushen lissafin duka shi ne EI·y″ = M(x), wato lanƙwasar bim a kowane wuri tana tafiya daidai da momen ɗin da ke wurin. Ka yi intagireshan sau ɗaya ka sami karkatar bim, ka sake yi ka sami lotsawarsa. Wahalar ita ce duk inda lodi ya sauka, ko ya fara, ko ya ƙare, lissafin momen yana sauya kama. Kowane gida kuma yana haifar da lambobi biyu da ba a sani ba. Gida huɗu, lambobi takwas, sai ka zauna kana ɗinke su da sharaɗin cewa bim bai karye ba kuma bai tsinke ba a kan iyakokin. A wurin ɗinkin nan ne alamar ragi takan sulale.

Bajamushe Alfred Clebsch ya nuna hanyar kauce wa wannan tun 1862, sannan W. H. Macaulay na Kambirij ya fito da ita a 1919 a sigar da ake koyarwa yau, wadda wasu littattafai ke kira hanyar fankshan ɗin singulariti. Duk dabarar tana cikin baka mai tsini, ⟨x − a⟩. Idan x bai kai a ba, bakan da duk abin da ke cikinsa sifiri ne. Idan x ya kai a ko ya wuce, sai ka ɗauke shi kamar baka na yau da kullum. Kamar makunnin fitila yake: lodin da ke a ba ya haske sai ka iso wurinsa. Da haka layi ɗaya zai ɗauki bim ɗin duka, lambobin da ba a sani ba kuma su tsaya a biyu, komai yawan lodin.

Mu ɗauki bim na ƙarfe mai tsawon mita 6, yana zaune a kan ginshiƙi A a hagu da ginshiƙi B a dama, ba a daddale bakinsa ba. A mita 1 daga A akwai lodi na 18 kN a wuri ɗaya. Daga mita 2 zuwa mita 4 kuma akwai lodi shimfiɗaɗɗe na 12 kN a kowace mita, jimilla 24 kN, tsakiyarsa a mita 3. Na bar nauyin bim ɗin kansa a gefe don lissafin ya fito fili.

Da farko ka nemo abin da kowane ginshiƙi ke ɗauka. Ɗauki momen a A: 18 sau 1, a haɗa da 24 sau 3, ya ba da 90. Raba da 6, B yana ɗauke da 15 kN. Lodin duka 42 ne, saboda haka A yana ɗauke da 27 kN.

Yanzu ka kafa x daga A, kada ka sake sauya masa mafari har ka gama. Ka tsaya a gida na ƙarshe, tsakanin mita 4 da 6, ka waiwaya hagu, ka rubuta momen ɗin duk abin da ka gani:

```
M = 27x − 18⟨x−1⟩ − 6⟨x−2⟩² + 6⟨x−4⟩²
```

Biyun farko ba su da ja. Na uku ya fito ne daga 12 sau tsawon da lodin ya rufe, sau rabin wannan tsawon, shi ya sa 12 ya koma 6. Na huɗu shi ne wanda nake so ka zauna a kansa, domin ina kyautata zaton nan kai da abokinka kuka rabu. Bakan Macaulay ya iya kunnawa, bai iya kashewa ba. Da ka rubuta −6⟨x−2⟩², ka gaya wa lissafi cewa lodin ya fara a mita 2 ya zarce har bakin B. Alhali ya tsaya a mita 4. Maganinsa shi ne ka bar shi ya zarce, sannan ka ɗora wani lodi mai girma ɗaya da shi, yana turawa sama, daga mita 4 zuwa ƙarshe. Su biyun su cinye juna a wannan yanki, abin da ya rage shi ne lodin gaskiya. Wannan shi ne +6⟨x−4⟩².

Kafin ka taɓa intagireshan, gwada layin. A bakin B momen dole ya zama sifiri, tunda bim ɗin zaune kawai yake a kan ginshiƙi. Sa x = 6: 162 − 90 − 96 + 24, sifiri cif. Da ka manta na huɗun, da ka sami −24, nan take ka san akwai gyara. Gwajin nan bai kai minti ɗaya ba, kuma ban san dalilin da zai sa mutum ya tsallake shi ba.

Sai intagireshan sau biyu:

```
EI·y′ = 13.5x² − 9⟨x−1⟩² − 2⟨x−2⟩³ + 2⟨x−4⟩³ + C1
EI·y = 4.5x³ − 3⟨x−1⟩³ − 0.5⟨x−2⟩⁴ + 0.5⟨x−4⟩⁴ + C1·x + C2
```

Lura da cewa ban buɗe baka ko ɗaya ba. ⟨x−1⟩ ya koma ⟨x−1⟩²/2 a dunƙule. Mai son nuna gwaninta a aljabara zai ce ai x²/2 − x ma intagireshan ɗin x − 1 ne, kuma gaskiyarsa. Sai dai bambancin su biyun rabi ne, rabin nan kuma sau 18 ya zama 9. A dunƙule, sashen yana farawa daga sifiri daidai a mita 1, don haka karkatar bim ta hagun lodin da ta damansa suna haɗuwa lami lafiya, C1 ɗaya ta wadatar da su. In ka buɗe, ka sa karkatar ta yi tsalle da 9 a wurin, kamar an karya bim ɗin an sake haɗawa. Rashin buɗe bakan nan shi ne ke yi maka ɗinkin da kake yi da hannu a shafi uku.

Saura C1 da C2. A x = 0 bim bai lotsa ba, yana kan ginshiƙi. A nan duk bakunan uku abin cikinsu ƙasa da sifiri yake, don haka a kashe suke, C2 = 0. Wanda ya danna su a kalkuleta yadda suke zai sami 3 − 8 + 128, ya ce C2 = −123, daga nan duk abin da ya biyo baya ya lalace. Kalkuleta ba ta san baka mai tsini ba, kuma fawa ta huɗu tana haɗiye alamar ragi, ba abin da zai ja hankalinka. Saboda haka kafin ka danna komai, ɗauki fensir ka soke duk bakan da x bai kai ba.

A x = 6 ma lotsawa sifiri ce, kuma yanzu duka a kunne suke: 972 − 375 − 128 + 8 = 477. Ke nan 477 + 6·C1 = 0, C1 = −79.5.

A tsakiyar bim, x = 3, bakan ƙarshe a kashe yake: 121.5 − 24 − 0.5 − 238.5 = −141.5. Alamar ragi tana nufin ƙasa ya lotsa. Amma tsakiya ba nan ne ya fi lotsawa ba, tunda lodin ya fi nauyi ta hagu. Inda ya fi lotsawa shi ne inda karkata ta zama sifiri. Sa x = 3 a layin karkata, za ka sami +4, wato ka riga ka wuce wurin, bim ya fara hawa. Ja baya zuwa 2.9, ka sami kusan 0.09, to ka iso. A nan EI·y ya kai kimanin −141.7. Abin kiyayewa ɗaya: tun farko ka yi hasashen gidan da wurin zai faɗa, a nan tsakanin 2 da 4, ka kunna bakunan da suka dace da shi. In amsar ta fito a wajen gidan, hasashenka ne bai yi ba, sai ka koma gidan da ke kusa.

Ka ga tsakanin 141.5 da 141.7 ba wani abin a zo a gani. A bim da ke zaune a kan ginshiƙi biyu, lodinsa duka yana danna ƙasa, lotsawar tsakiya ba ta yin nisa da mafi girma, shi ya sa a ofis da yawa ake tsayawa a kanta. A jarrabawa dai, in an ce mafi girma, nemo ta.

Yanzu mu mayar da ita milimita. A ce E na ƙarfen 200 GPa ne, I kuma 5000 cm⁴. Tunda mun yi aiki da kN da mita, dole su ma su koma haka: 200×10⁶ kN/m² sau 5×10⁻⁵ m⁴, EI = 10,000 kN·m². Raba 141.7 da 10,000, ka sami mita 0.0142, wato milimita 14 da ɗan ɗoriya. In ka ga amsarka ta ce mita 14, ko abin da bai kai gashin kai ba, kada ka zargi Macaulay, duba yadda ka juya cm⁴. A tsohuwar ƙa'idar BS 5950, bim da ke ɗauke da filasta an so lotsawar da lodin amfani ya jawo kada ta wuce tsawonsa a raba da 360. A nan milimita 16.7 ke nan, don haka bim ɗinmu ya tsallake, amma ba da rata mai yawa ba.

Wani lokaci za a ba ka momen da aka ɗora kai tsaye a wani wuri a. Rubuta shi M₀⟨x−a⟩⁰. Fawa sifiri tana ba da ɗaya in an wuce a, sifiri kafin nan, kuma yana shiga intagireshan kamar sauran. Alamarsa ta danganta da inda yake juyawa, gwajin bakin B zai gaya maka in ka juya ta.

Hanyar, a yadda na nuna ta, tana tsaye ne a kan cewa EI ɗaya ne daga A har B, ƙarfen bai wuce iyakar da zai koma yadda yake ba, lotsawar kuma ƙarama ce in an gwada ta da tsawon bim. In kaurin bim ya sauya a tsakiya, layi ɗayan nan bai isa ba sai an yi masa gyara. Gajeren bim mai zurfi kuma yana da ƙarin lotsawa da wannan lissafi bai ƙirga ba. Bim na kankare mai rodi shi ne ya fi yaudara: da ya tsage ta ƙasa I ɗinsa ya ragu, kuma yana ci gaba da lotsawa a hankali shekara da shekaru ƙarƙashin lodi ɗaya. In ka sa I na kankaren da bai tsage ba, lambar da za ka samu za ta gaza abin da za a auna a ginin, don haka a nan sai ka koma ga ƙa'idar kankare ka ɗauki EI da ta tanada.