Darasin Lafiya: Bushewar Gaba Da Zafin Fitsari Bayan Ɗaukewar Al'ada

Yawancin mata jinin al'ada yana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, kuma ba ciki gare ta ba, to al'ada ta ɗauke. Bayan haka, kimanin rabin mata sukan fara jin bushewa a gabansu, da ƙaiƙayi, da zafin fitsari. Da yawa sukan ce ciwon sanyi ne. Sau da yawa kuwa ba shi ba ne.

Me yake kawo shi?

A jikin mace akwai wani sinadari da ake kira istirojin. Ƙwan mahaifa ne yake samar da shi. Shi ne yake sa fatar cikin farji ta yi kauri da laushi da danshi. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin sai ya ragu ƙwarai. Fatar sai ta yi siriri, ta bushe, kamar fadamar da ruwa ya janye mata. Abu kaɗan sai ya yi mata rauni.

Hanyar fitsari da mafitsara maƙwabtan farji ne, su ma suna bukatar wannan sinadari. Shi ya sa matsalar take haɗawa da fitsari. Ban da haka, akwai ƙwayoyi masu amfani da suke zaune a farji suna korar masu cutarwa. Idan istirojin ya ragu, su ma sai su ragu. Daga nan ƙwayoyin cuta na bayan gida sukan sami hanyar hawa zuwa mafitsara.

Zafin jiki da gumin dare da mata kan ji a wannan lokaci sukan wuce bayan wasu shekaru. Amma bushewar gaba ba ta wucewa da kanta. Idan aka bar ta, ƙaruwa take yi.

Misali daga Tarai

A ɗauki misalin wata mata mai shekara 54 a Tarai, ta ƙaramar hukumar Kibiya. Shekararta 4 rabonta da al'ada. Tana tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare. Alwala ba ta daɗe mata. Saduwa da maigida ta zama azaba, har ta fara gudunsa, shi kuma ya ɗauka raini ne. A shekara guda ta sayi maganin sanyi a kemis sau biyar. Ta shiga ruwan bagaruwa, ta yi matsi, abin sai gaba yake yi.

Da 'yarta ta raka ta Babban Asibitin Rano, ma'aikaciyar jinya ta ce, "Hajiya, tun da al'ada ta ɗauke, kin taɓa ganin jini ko da ɗigo ne?" Ta ce, "A'a, 'yar nan." Aka gwada fitsarinta, aka gwada suga, aka duba ta. Ba a sami ƙwayar cuta ba. Fatar ce ta yi siriri ta koɗe. Likita ya rubuta mata man istirojin, ya ce ta daina matsi da wanke ciki da sabulu. Bayan mako 4 raɗaɗi ya ragu. Bayan wata 3 tashin dare ya koma sau ɗaya. Sai ta ajiye maganin. Ba a jima ba bushewa ta dawo, dole ta koma kansa.

Magunguna iri uku

Na farko shi ne man danshi. Babu istirojin a cikinsa, kuma ba ya bukatar takardar likita. Ana samunsa a manyan shagunan magani. Ana sa shi a cikin farji sau 2 ko 3 a mako, ko za a sadu ko ba za a sadu ba. Yana riƙe ruwa a jikin fata. Yakan wadatar idan bushewar ba ta yi tsanani ba. Amma ba ya mayar da kaurin fata.

Na biyu shi ne man santsi, wanda ake shafawa lokacin saduwa kaɗai. Wanda aka yi da ruwa ya fi dacewa. Kada a tura basilin ciki, kuma a sani duk mai irinsa yana lalata kwaroron roba.

Na uku shi ne istirojin na sawa a gaba. Yana zuwa a matsayin mai, ko ƙwaya da ake turawa ciki. Likita ne yake rubuta shi. Yawanci ana sa shi kowane dare har mako 2, daga nan sai a koma sau 2 a mako, misali Litinin da Alhamis. Man yana zuwa da ɗan bututu mai alama. A wanke hannu, a cika bututun zuwa alamar ba tare da an wuce ba, a kwanta, a tura a hankali. Da dare ya fi, don kada ya zubo.

Wannan shi ne yake gyara tushen matsalar. Fata takan sake kauri, ƙwayoyi masu amfani su dawo. A shekarar 1993 an buga sakamakon wani gwaji da likitoci suka yi kan mata 93 da al'adarsu ta ɗauke, masu yawan ciwon mafitsara. Waɗanda ba su sami maganin ba, ciwon ya kama su kusan sau 6 a shekara. Waɗanda suka samu kuwa, bai kai sau ɗaya ba. Abin da yake shiga jini daga wannan magani kaɗan ne ƙwarai, ba kamar ƙwayar sha ba. Ana iya daɗewa a kansa, likita yana duba mace sau ɗaya a shekara.

Inda za a yi hattara

Duk jinin da ya zo bayan al'ada ta ɗauke, kada a ce haila ce ta dawo. Yana iya zama alamar ciwon daji na mahaifa. A je asibiti kafin a fara kowane magani. Matar da ta taɓa yin ciwon daji na nono, ta gaya wa likita tukuna.

Istirojin ba ya kashe ƙwayar cutar da ta riga ta shiga. Idan zafin fitsari ya zo da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, cuta ta hau ƙoda, a tafi asibiti a ranar. Yawan fitsari da yawan ƙishirwa kuma na iya zama ciwon suga. Matan da suke wanki ko aiki a ruwan Tiga da magudanan noman rani su faɗa wa likita, domin tsargiya ma tana kawo jini a fitsari da rauni a gaba. Fitsarin da yake zuba dare da rana ba tsayawa kuwa yoyon fitsari ne, maganinsa daban.

A wanke waje kawai da ruwa mai tsabta. A guji kayan matsi, da kanwa, da sabulu mai ƙamshi. Maigida ya yi haƙuri, ya ba da kuɗin mota, domin lalura ce ba ƙiyayya ba.

Tambayoyi

1. Wane sinadari ne yake raguwa idan al'ada ta ɗauke?
2. Mene ne bambancin man danshi da man santsi?
3. Me ya kamata mace ta yi idan ta ga jini bayan al'adarta ta ɗauke?