Shawara kan haɗe sunayen da suka maimaitu a cikin waya

Idan ka tarar mutum ɗaya ya fito sau biyu a kundin lambobinka, wani lokaci sababin shi ne an ajiye lambarsa da siga biyu, ɗaya da sifili a gaba kamar 0803, ɗaya kuma da +234, alhali lambar ɗaya ce. Gyaran shi ne ka cire sifilin farko ka sa +234 a madadinsa, domin wannan siga ita ce ke aiki ko kana ƙasar waje. Sannan ka fitar da kwafin kundin ka adana tukuna, ka shiga Merge & fix na Google Contacts, amma kada ka amince da haɗe su duka a lokaci ɗaya, saboda Musa biyu ba lalle ne su zama mutum ɗaya ba.